Kiɗan mahaifiyar bai sa kowa kuka ba, ina na kuskure?

"Jama'a a taimaka. Na yi wa gajeren fim kiɗa, minti 20 ne. Akwai sin ɗin da yaro ya shiga ɗakin mahaifiyarsa bayan rasuwarta, daƙiƙa 50, ba magana. Na tsara mata kiɗa mai taushi na sa a wurin. Mun haska wa mutane, ko a jikinsu. Darakta ya ce in ƙara goge. In ƙara?"

Kai ɗan'uwa, wallahi na san ciwon nan. Ka zuba zuciyarka a kan daƙiƙa 50, a kunna, wani yana duba wayarsa. Amma don Allah kar ka ƙara goge tukuna. Fara amsa mini wannan: kafin sin ɗin, sau nawa masu kallo suka ji kiɗan nan mahaifiyar tana raye a gabansu? In amsar ita ce ko sau ɗaya ba su ji ba, to abin da ka yi kiɗan baƙin ciki ne kawai, bai zama takenta ba. Abin da ake kira laitmotif take ne, ɗan guntun kari da aka liƙa wa mutum ko wani abu har ya zama da an ji shi an tuna mai shi. Babban kiɗan fim yana iya zama doguwar waƙa mai farko da ƙarshe, shi kuwa take sauti huɗu zuwa bakwai sun ishe shi. Kuma ba ya aiki a jin farko.

Je ka kalli farkon fim ɗin Up na 2009, wanda Michael Giacchino ya yi wa kiɗa, wurin da aka nuna zaman auren Carl da Ellie cikin minti huɗu da ɗoriya ba tare da kalma ɗaya ba. Kalle shi sau biyu, na biyun ka rufe ido. Kari ɗaya ne tun daga ɗaurin aure har jana'iza. Da farko yana tafe da rawar jiki, bugu uku-uku, ƙaho da goge suna miƙa wa juna, su kuma suna gyaran gida. Sai a zo ofishin likita, Ellie tana kuka don ba za su samu haihuwa ba, kiɗan ya lafa ya yi sanyi. Carl ya kawo mata littafinta na tafiye-tafiye, ya sake ɗagawa. A ƙarshe Carl yana zaune shi kaɗai da balan-balan a hannu, ya tashi ya shiga gida, fiyano kaɗai ya rage yana jan karin a hankali. Abin da ke karya zuciya a nan shi ne kunnenka ya riga ya haddace yadda karin yake lokacin da gidan ke cike, yanzu yana jin gurbin duk kayan kiɗan da aka janye. Ka ga ragewa aka yi a wurin mutuwar, daraktanka kuma yana cewa ka ƙara.

To ga yadda zan bi da naka. Nemi wuri biyu, in ya yi yawa uku, a minti 12 na farko inda mahaifiyar take cikin walwala, ka dasa taken a nan. Na farko a ji shi sarai, gaɓa takwas cikakku, ba magana a kansa. Na biyu rabinsa ya isa. Mu ɗauka karin naka gaɓa takwas ne masu bugu huɗu-huɗu, bugu 32 ke nan. A gudun bugu 100 a minti zai ci daƙiƙa 19 da 'yan kai. A sin ɗin ɗakin ka sauke shi zuwa 60, kowane bugu daƙiƙa ɗaya, gaɓa huɗun farko su ci daƙiƙa 16. Iyakar abin da za ka kaɗa ke nan. Kar ka sauke gudun ƙasa da rabin na asali, don in sautukan suka yi nisa da juna kunne ba ya ɗinke su, sai mutum ya ji fiyano yana ɗiga amma bai gane na waye ba.

Wurin shiga kuma, nan ne aka fi zubar da aikin. Yaro ya tura ƙofa, yi shiru. Bari a ji ƙarar ƙofar da takunsa da numfashinsa, daƙiƙa 15 ko 20. In ka shiga tun daga bakin ƙofa ka riga ka gaya wa mai kallo "yi kuka" kafin ya ga abin kukan, kuma mutum yana turjewa in aka tura shi. Jira sai hannunsa ya taɓa wani abu nata, ka ƙara kamar firem 12, rabin daƙiƙa ke nan a fim mai firem 24 a daƙiƙa, sannan sautin farko ya sauka. Sai ya zama kamar taɓawar ce ta tayar da kiɗan a cikin kansa. Gaɓa huɗun nan kuma ka bar su a rataye, kar ka koma sautin gida. In kana C, tsaya a kan D ko G, sauran daƙiƙun su tafi shiru.

Wata shawarar da za a ba ka ita ce ka mayar da karin maina, salon sautin baƙin ciki, wato E ta koma E♭. Yana yi, amma a nan ni ban so shi ba, don ka canza mata fuska a daidai lokacin da yaron yake son ganinta yadda take. Bar karin yadda yake, ka canza abin da ke ƙarƙashinsa: inda da ka sa C E G, yanzu sa A C E. Sautin C da E suna cikin duka biyun, karin bai motsa ba, ƙasar da yake takawa ce ta canza. Gudu ya sauka, kayan kiɗa sun ragu zuwa ɗaya, ƙarƙashi ya canza: ya isa haka. Kana taɓa sautukan karin a kan waɗannan, ba wanda zai gane shi.

Abin da ya fi ci mini rai a sana'ar nan kuwa, kuma ina tsoron zai same ka, shi ne bayan ka miƙa aiki. Mai haɗa hoto ya ji taken ya yi masa daɗi, sai ya kwafe shi ya manna duk inda ya ga wuri ya yi shiru. Yaro yana tafiya a hanya, take. Maƙwabci yana gaisuwa, take. Mahaifiyar ba ta wurin, ba a ma ambace ta ba! Kafin a kai ɗakin an ji shi sau tara, ya zama labulen bango, sannan a juyo a ce kiɗanka ne ba shi da rai. Wani ma sai ya datse daƙiƙa uku daga sin ɗin bai gaya maka ba, sautin da ka auna da hannun yaro ya faɗo kan bango. Haba! Saboda haka rubuta takarda, kowane kiɗa da mintinsa da daƙiƙarsa, inda zai shiga da inda zai fita, ku zauna da darakta ku amince, kuma kar ka auna komai sai an rufe yankan hoto.

Kafin ka sake haskawa, samu mutum biyu da ba su san labarin ba su kalla daga farko. Tsayar da fim ɗin dab da ƙofar, ka kaɗa musu sautuka huɗun farko, ka ce na waye wannan. In suka ce na uwar ne, ci gaba. In suka yi jim, koma minti 12 na farko ka duba, wataƙila magana ce ta danne dashen farko, sai ka matsar da shi inda bakin kowa yake rufe.