Daga ina baƙin tukunya ke fitowa, alhali gas ake ƙonawa?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa idan makamashi ya ƙone, kabon dayoksaid da ruwa kawai yake bayarwa. To ga murhun gas ɗina ya koma ba da wuta rawaya, gindin tukwane duk ya yi baƙi kamar na icce. Daga ina baƙin nan yake fitowa? Kuma shi ne iskar da ake cewa tana kashe masu kwana da gawayi a ɗaki?

Amsa: Malama, abin da aka koya muku daidai ne, amma ƙarshen tafiya kawai aka nuna muku. Ƙonewa hawa-hawa take yi, kuma ana iya tare ta a hanya. Baƙin da ke gindin tukunyarki da iskar da ke kisa duk kabon ne da bai kai ƙarshen hanyar ba, sai dai kowanne da inda ya tsaya.

Gas ɗin da ke cikin silinda haɗin iri biyu ne, furofen da biyuten, dukansu kuma kabon ne da haidurojin zalla. Mu ɗauki furofen. Ƙwayarsa ɗaya tana da zarrar kabon 3 da ta haidurojin 8, kuma kafin ta ƙone ƙurmus sai ta sami ƙwayar oksijin 5:

C3H8 + 5 O2 → 3 CO2 + 4 H2O

Oksijin kashi 21 ne kacal cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Saboda haka lita ɗaya ta furofen, bayan ya zama iska, tana buƙatar kusan lita 24 ta iskar ɗaki. Biyuten ya fi shi ci, kusan lita 31 yake nema. Kin ga ɗan siririn gas ɗin da ke fita daga murhu sai ya janyo iska ninkinsa fiye da ashirin. Idan oksijin ɗin ya ragu daga 5 zuwa 3 da rabi, kabon ɗin zai tsaya a CO, wato kabon monoksaid, kowace zarra da oksijin ɗaya maimakon biyu. Idan ya faɗi zuwa 2, a lissafin takarda, haidurojin ya kwashe duka, kabon ya fita tsirara:

2 C3H8 + 7 O2 → 6 CO + 8 H2O
C3H8 + 2 O2 → 3 C + 4 H2O

A wutar gaske ukun nan suna faruwa tare, kowanne a nasa ɓangaren harshen wutar. Abin tambaya shi ne me ya sa kullum kabon ne ke kwana a ciki, ruwa kuwa yana fita lafiya lau.

Dalilin gudu ne. Da zarar gas ya shiga zafi sai ƙwayoyinsa su farfashe. Haidurojin da gutsattsarin gas ɗin suna haɗuwa da oksijin cikin gaggawa, kuma duk kabon da zai ƙone sai ya fara zama CO tukuna. Babu wanda ke tsallakawa kai tsaye daga gas zuwa CO2. Hawa na biyu, daga CO zuwa CO2, shi ne mai nawa. Yawancinsa yana faruwa ne ta hanyar wani ɗan gutsure da ake rubutawa OH, wanda ba ya daɗewa kuma ba ya samuwa da yawa sai inda wuta ta yi zafi sosai:

CO + OH → CO2 + H

Gas ɗin da bai gama farfashewa ba shi ma OH ɗin yake farauta, kuma ya fi CO saurin kamu. Don haka CO na ƙarshen layi ne, sai kowa ya ƙoshi yake samun rabo. In oksijin ya ƙare kafin layi ya iso kansa, haka zai fita. In kuma oksijin na nan amma wutar ta huce kafin ya samu, nan ma haka zai fita. Wannan na biyun mutane ba su cika lura da shi ba. Tukunya cike da ruwa ba ta wuce zafin digiri 100 da ɗan kaɗan, harshen wutar gas kuwa ya haura 1,500. Duk inda harshen ya lashi ƙarfe, siririn sashen da ya taɓa yana hucewa nan take, aikin ya tsaya cak a inda ya kai. Shi ya sa masu ƙera murhu suke barin tazara tsakanin kan murhu da gindin tukunya, kuma wanda ya sa makeri ya rage tsawon ƙafafun da tukunya ke zama a kai, wai don wuta ta fi kama tukunya, ya ƙara wa kansa CO ne.

Kunkunniya hanyarta daban. Tana samuwa ne a inda gas ya sha zafi amma babu oksijin kusa da shi, wato a tsakiyar harshen wuta. A can gas ɗin gasuwa yake yi. Yana zubar da haidurojinsa, ya koma ƙananan gutsattsari, babba a cikinsu shi ne asitilin, C2H2, gas ɗin nan da masu walda ke samu daga kabad. Gutsattsarin suna harhaɗuwa su zama zobba na kabon shida-shida, zobban su manne da juna su yi faranti, farantan su dunƙule su zama ƙananan ƙwallaye da ido ba ya iya ganin guda ɗaya. Waɗannan ƙwallayen ne zafi ke sa su haske kamar ƙarfe a maƙera, kuma haskensu ne launin rawayan da kike gani. Wutar kyandir da ta fitilar ƙwai duk hasken kunkunniya ce mai zafi. A kyandir ƙwallayen suna ƙonewa idan sun iso gefen harshen, inda iska take, shi ya sa ba ya hayaƙi. Sa cokali a tsakiyar harshen na daƙiƙa biyu ki ciro, za ki ga ya yi baƙi: kin kama su kafin su iso bakin iska. Abin da tukunyarki ke yi ke nan kullum.

Murhun gas an yi shi ne don kada a sami wannan tsakiya marar iska. Gas yana fitowa da ƙarfi ta wani ɗan ƙaramin rami a kan wata ƙusa ta tagulla, ya shiga wani bututu mai buɗaɗɗen gindi, gudunsa ya zuƙo iska su gauraye tun kafin su iso wuta. Wajen rabin iskar da ake buƙata ta nan take shiga, sauran kuma harshen ya ɗebo daga kewayensa. Muddin wannan gaurayawar na tafiya daidai, wuta shuɗiya ce, gajera, mai tsayuwa. Rawayar wuta mai tsawo da lanƙwasa tana nufin iskar farko ta ragu.

Ga yadda za ki bi shi. Rufe silinda, ki bari murhu ya huce. Cire murfin kan murhun ki duba ƙananan ramukan da wuta ke fita, domin tafasar miya da kunu da mai su ne suka fi toshe su. Wanke da ruwan zafi da sabulu, ki goge da tsohon buroshin haƙori, ki bari ya bushe sarai. Sai ki leƙa bututun da ke ƙarƙashi. Sau da yawa a nan matsalar take, yanar gizo-gizo ko gidan zanzaro, musamman a kan da aka daɗe ba a kunna ba. Ramin tagullar kuwa a share shi da siririyar waya mai laushi, kada a tura masa allura da ƙarfi. In ya faɗaɗa, gas zai ƙaru fiye da iskar da bututun zai iya zuƙowa, kuma babu gyara sai canji. Wasu murahun suna da ɗan zobe ko marfi a gindin bututun: a buɗe shi kaɗan-kaɗan har rawayan ya ɓace, in wutar ta fara gurnani tana tashi daga kan murhun an wuce gona da iri, a ɗan mayar. In an yi duk wannan ba ta sauya ba, a kira mai gyara ya duba abin daidaita ƙarfin gas da ke kan silinda, ya kuma duba ko ƙusar tagullar ta irin gas ɗin bututu ce da ake amfani da shi a wasu ƙasashe. Raminta ya fi faɗi, domin lita ɗaya ta wancan gas ɗin iskar da take buƙata ba ta kai lita 10 ba.

Ba kowane ja-ja ne matsala ba. Ƙurar hunturu ko gishirin da ya fantsama suna sa shuɗiyar wuta ta riƙa walƙiya da launin lemo, amma ba sa barin baƙi. Ɗora tukunya mai tsabta na minti biyar ki shafa gindinta da yatsa bayan ta huce, shi zai raba gardama.

Gyaran yana da riba ko a aljihu. Kabon da ya tsaya a CO bai ba da ko sulusin zafinsa ba, fiye da kashi 70 cikin ɗari yana hawa na biyu. Da a ce duk kabon ɗin furofen zai tsaya a nan, kusan kashi 40 cikin ɗari na zafin da kika saya ya bi iska.

Batun gawayi kuwa, a nan ne ido ke yaudarar mutum. Kunkunniya ana ganinta, CO ba shi da launi ko wari, kuma ana iya samunsa da yawa ba tare da ɗigon hayaƙi ba. Gawayin da ya zama garwashi ya riga ya rabu da yawancin abin da ke yin hayaƙi tun wajen masu ƙona shi. A ƙasan kurfoti, inda iska ke shiga, CO2 ake samu. Yana ratsa jajayen garwashin da ke sama sai kabon mai zafi ya ƙwace masa oksijin ɗaya:

CO2 + C → 2 CO

Ƙananan harsunan nan shuɗaye da ke rawa a saman garwashi mai ƙarfi, CO ne ke ƙonewa. Idan garwashin ya lafa, toka ta rufe shi, harsunan sun mutu, CO ɗin na ci gaba da fita ba mai ƙona shi. Daidai lokacin ne kuma mutane ke cewa hayaƙi ya ƙare, a shigar da kasko ɗaki.

Ɗauki ɗaki mai mita 3 kowane gefe har tsayi, iskarsa lita 27,000. Kilo ɗaya na gawayi yana ɗauke da kabon wajen giram 800. In kashi ɗaya cikin goma kawai ya tsaya a CO, an sami wajen lita 160, wato kusan kashi 0.6 cikin ɗari na iskar ɗakin in ƙofa da taga a rufe suke. Wannan yana kisa cikin abin da bai kai rabin awa ba, alhali oksijin bai ƙare a ɗakin ba. CO yana manne wa sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini fiye da yadda oksijin ke manne masa sau 200 da wani abu, don haka kaɗan ya isa ya tare wurin. Alamun farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da ake saurin ɗauka zazzaɓi ne, mai barci kuma ba ya jin ko ɗaya. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu tare, suka kuma ji sauƙi da fita waje, a fitar da kowa, a buɗe ko'ina, a tafi asibiti a faɗa musu an kwana da gawayi ko janareta, domin oksijin za su sa musu.

Murhunki bai kai kaskon gawayi haɗari ba, amma rawayar wuta shaida ce cewa yana fitar da CO fiye da ƙima. Kafin a gyara shi, ki riƙa girki taga a buɗe.