Waƙafi ko wasiyya: wanne ya dace da ginin shagunana?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kano. Dukiyata ta kai kimanin naira miliyan 100, ciki har da wani gini mai shaguna 8 da ya kai miliyan 40. Ana bina bashin miliyan 10. Ina da mata biyu da 'ya'ya bakwai. So nake hayar ginin ta riƙa ciyar da marayu. Waƙafi zan yi ko wasiyya, kuma me zai rage wa iyalina?

Amsa: Alhaji, Allah ya karɓa. Abin da ya raba su shi ne lokacin da ginin zai bar hannunka. Waƙafi, wanda malamanmu ke kira hubusi, yana fara aiki tun kana raye. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ce ta Khaibar, wadda ya tsare a kan ba za a sayar ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba, amfaninta kawai ake sadaka da shi. In ka yi shi kana da lafiya, ba shi da iyakar sulusi, ba ya buƙatar izinin magada, kuma ba ka da damar janyewa. Ita kuwa wasiyya sai bayan rai ya yi halinsa. Kana iya soke ta ko gobe, amma ba ta wuce sulusin abin da ya rage bayan an biya bashi.

Mu yi lissafi da kuɗinka. In ka yi waƙafi yanzu, miliyan 40 sun fita, saura 60. A biya bashin 10, magada su raba 50, matanka biyu su haɗa tumuni, wato miliyan 6.25. In wasiyya ce, za a cire bashi daga 100, saura 90, sulusinsu 30. Ginin kuwa 40 ne, ka ga ya zarce da 10. Idan shagunan darajarsu ɗaya, marayu za su samu shaguna 6, biyu su koma gado, sai fa in magada sun yafe. Kada ka dogara da "mun yarda, Baba" da za su ce maka yau kana da lafiya, ba ta ɗaure su. A wannan hanyar magada na da miliyan 60, tumunin matan 7.5.

Inda 'yan kasuwa suka fi faɗawa rami shi ne miƙa ginin. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke bi, waƙafi bai cika ba sai dukiyar ta shiga hannun wani kafin ɗayan abu uku ya riski mai ita: mutuwa, ciwon ajali, ko karayar arziki. Mutum zai tara jama'a a masallaci ya ce ya bayar, amma yaronsa na ci gaba da karɓo masa haya. Ranar da ya rasu a haka waƙafin ya ɓaci, duka miliyan 90 gado ne, marayu ba su da ko kwabo. Kuma magajin da ya kai ƙara a kan haka bai yi zalunci ba, haƙƙinsa ya nema. Wanda ya jira sai ya kwanta ciwon ajali sannan ya yi waƙafi, hukuncin wasiyya zai hau kansa, a mayar da shi sulusi. Bashinka na miliyan 10 ba zai hana ba tunda sauran dukiyar ta rufe shi, bashin da ya cinye dukiya shi ke rusa waƙafi.

Saboda haka ka naɗa mai kula wanda ba kai ba, ko dai mutane biyu ko uku amintattu, ko Hukumar Zakka da Hubusi ta jihar Kano. Ka miƙa takardun a gaban shaidu adilai biyu, a rubuta wa 'yan haya cewa daga wata kaza ga wanda za su biya, a buɗe asusun banki daban. Takardar waƙafin ta faɗi su wane ne marayun, na wace unguwa, zuwa shekara nawa, wa zai gaji mai kula in ya mutu, da ladansa. A rubuta cewa gyaran gini ne farko a cikin kuɗin haya, domin ginin da rufinsa ke yoyo ba ya ciyar da kowa. Lauya ya duba takardar mallaka, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shardanta izinin gwamna kafin a sauya mallakar fili mai takardar gwamnati. In shagunan na hukumar kasuwa ne aka ba ka zama kawai, sai an tantance abin da ka mallaka a ciki tukuna.

Ni a ganina miliyan 40 cikin 90 ya yi yawa ga mai 'ya'ya bakwai, musamman in akwai ƙanana kuma hayar nan ce ke ɗaukar cefane lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Ka yi waƙafin shaguna 4 yanzu, ka miƙa su sarai, ka ga yadda mai kula zai riƙe amana shekara biyu. Ka rubuta wasiyya da wasu 2, wanda bai kai sulusi ba ko bayan fitar na farko. Sauran biyun ka bar wa gida, kuma ka tara manyan 'ya'yanka da iyayensu mata su ga takardun da idonsu kafin ka sa hannu.