Hirar bankwana da ma'aikaci: tambayar da ke fito da ainihin dalilin tafiyarsa

Tambaya: Ni ce shugabar wata makaranta mai zaman kanta mai malamai 40, kuma a shekarar karatun da ta wuce 10 daga cikinsu sun ajiye aiki. Duk wanda na tambaya sai ya ce ya sami inda aka fi biya ne, ko kuma zai koma karatu. Waɗanne tambayoyi ne za su nuna mini gaskiyar lamari, kuma yaya zan yi da amsoshin?

Amsa: Hajiya, tambayar "me ya sa za ka tafi?" ba kasafai take fito da gaskiya ba, domin mai tafiya yana son a rabu lafiya, yana jiran takardar shaidar aiki da sauran haƙƙoƙinsa, kuma kunya da kara ba za su bar shi ya kushe wani a gabanki ba. Albashi da ƙaro karatu amsoshi ne da ba su ɓata wa kowa rai, shi ya sa kowa ke fakewa da su.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: "Yaushe ka fara neman wani aiki, kuma me ya faru a lokacin?" Albashin sabon wuri yana bayyana dalilin da ya sa malami ya karɓi tayin da aka yi masa, amma bai bayyana abin da ya sa ya fara rarraba takardunsa tun farko ba, kuma wannan abin ne kike da ikon gyarawa. A ce malamin lissafi ya amsa cewa tun zangon karatu na biyu ya fara nema. Kada a yi gaggawar wucewa. A ce masa ya ba da labarin zangon. Mai yiwuwa a ji cewa abokin aikinsa ya tafi ba a ɗauko wani ba, darasinsa na mako ya tashi daga 20 zuwa 30, ya kai kuka sau biyu ga mataimakin shugaba ba a ce masa uffan ba. Wannan malami yawan aiki da rashin sauraro ne suka kore shi, ƙarin kuɗin da ya samu kuwa ƙofar fita kawai ya buɗe masa.

Daga nan sai a auna maganar albashin da tambaya ɗaya: "Da za mu biya ka daidai da su, za ka zauna?" Idan ya yi jim, ko ya ce ya riga ya yi alƙawari, alama ce cewa akwai wata a ƙasa. Akwai kuma tambayar da ke sauƙaƙa wa mai kunya, wato a tambaye shi abin da yake jin sauran malamai suna kuka da shi, domin mutum yakan faɗi nasa da sunan wasu.

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan wanda ake kuka da shi ne ke tambaya. Shugaban da malamin ke ƙarƙashinsa kai tsaye bai dace ba, kuma ke ma, tunda kina iya zama cikin zancen, gara ki wakilta wani daga hukumar gudanarwa. A yi hirar bayan an ba shi takardar shaidarsa an biya shi haƙƙinsa, har ma a sake kiransa a waya bayan wata ɗaya ko biyu, lokacin da ba ya tsoron rasa komai.

Game da amsoshin, kada a yanke wa kowa hukunci da hira ɗaya, don mai fushi yakan yi ƙari. A riƙa yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a rubuta sashensa, da shugabansa, da tsawon zamansa, da watan da ya fara neman tafiya. Malamai 10 cikin 40 kashi 25 cikin 100 ne, amma wannan adadi bai gaya miki inda ciwon yake ba sai an rarraba shi. Idan an cire 2 da aure ko ƙaura suka ɗauke, aka ga 6 daga 8 ɗin da suka rage duk a ƙaramar sakandare suke ƙarƙashin mutum ɗaya, to ƙarin albashi ga kowa da kowa zai ci kuɗi bai tsayar da tafiyar ba. Idan kuwa yawancinsu ba su cika shekara ba, a duba abin da ake faɗa musu wajen ɗauka da yadda ake karɓarsu.

Sannan a gwada abin da aka ji da takardu: jadawalin darasi, ranakun da albashi ya shiga, da ko ana tura kuɗin fansho da ake cirewa. A ƙaramar makaranta kalma ɗaya takan tona mai magana, saboda haka a haɗa amsoshin zango guda kafin a tunkari shugaban sashe, ba tare da ambaton suna ba. Abin da ya fi maimaituwa kuma sai ki tambayi malaman da ke nan a kansa, ɗaya bayan ɗaya, ki zaɓi gyara guda ki sanar da su ranar da zai fara aiki.