Bilan da ya daidaita bai zama bilan na gaskiya ba

"Maigida, me ya sa ake rubuta jarin mai shago a ɓangare ɗaya da basussukansa? Kuma tunda jimlar hagu da ta dama sun zo daidai, ba shi ke nan na gama ba?"

Ba ka gama ba, ɗana, kuma da ka san abin da irin wannan tunanin ya jawo mini a nan Tahoua da ba ka furta shi a gabana ba. Bilan takarda ce mai ɓangare biyu da ke nuna dukiyar ɗan kasuwa da masu haƙƙi a kanta. Ɓangaren hagu, wato aktif, yana nuna inda dukiya take, kuma a tsarin lissafin kasuwanci na SYSCOHADA da muke bi ana farawa da abin da ke daɗewa kamar gini da mota, sai kayan sito, sai bashin da ake bin mutane, kuɗin hannu da na banki su zo ƙarshe. Ɓangaren dama, wato pasif, yana nuna wanda ke da haƙƙi a kan dukiyar. Mai shago ma mai haƙƙi ne, shi ya sa yake zaune tare da masu bin bashi, sai dai nasa haƙƙin saura ne, abin da ya rage bayan an sallami kowa. Yadda ake tara lambobi ba zan koya maka ba, ɗan makarantar firamare ma ya iya.

Shekara 6 da suka wuce wani ɗan kasuwar shinkafa ya zo mini yana neman abokin tarayya. Na rubuta masa shago miliyan 6, babbar mota miliyan 9, shinkafa buhu 500 a kan jaka 20 kowane buhu, wato miliyan 10, bashin da yake bin mutane miliyan 4, kuɗi miliyan 1. Jimla miliyan 30 na sefa. A dama ya amsa cewa banki na bin sa miliyan 5, dillali na bin sa miliyan 3, don haka jarinsa ya tashi miliyan 22. Na shiga siton da kaina na ƙirga buhunan layi-layi har ƙura ta rufe mini riga, kuma 500 ɗin suna nan cif. Na sa hannu. A kan sa hannuna wani aminina ya zuba kuɗinsa, ni ma na zuba miliyan 2 da na shekara huɗu ina tarawa.

Bayan wata biyar aka aiko daga Kwatano ana neman kuɗin buhu 300. Ashe bashi ya ɗauko su, miliyan 6, ya ɓoye mini takardar. Buhunan suna hagu, amma mai su ba ya ɓangaren dama, sai darajarsu ta zube cikin jari ba tare da wata ƙara ba. Daga nan na koma na tona sauran. Cikin miliyan 4 da yake bi, miliyan 3 suna hannun wani da ya tafi Libiya shekara biyu ba labari. Motar kuwa farashin ranar saye ya ba ni, alhali ta yi shekara biyar tana bin hanyar Ƙonni, kuma idan aka cire tsufanta ba ta wuce miliyan 4 ba. Aktif ya sauko zuwa miliyan 22, bashi ya hau zuwa miliyan 14, jarin gaskiya ya tsaya a miliyan 8. Ka lura cewa bilan na farko da na biyu duka sun daidaita, domin jari shi ne ke shanye kowace ƙarya da aka saka a sauran layuka. Kuɗina ba su dawo ba, kuma har yau aminin nan gaisuwa kawai ke tsakaninmu, abin da ya fi asarar kuɗin ci mini rai.

Ku yaran yanzu, da zarar kwamfuta ta nuna muku lambobi biyu iri ɗaya sai ku rufe ku ɗauki waya. Ni ba na karɓar wannan a ofishina. Kowane buhu da ka ƙirga, ka nemi takardar sayensa da shaidar biyansa, idan babu shaidar biya ka rubuta shi a bashi. Ka kira dillalan da kanka su faɗa maka abin da suke bi a ranar 31 ga Disamba, kada ka tsaya a bakin mai shago. Bashin da mai shago ke bin mutane, idan ya haura shekara ba a biya ko dala ba, ka ware masa tanadin asara. Sannan ka ɗora jarin bana kusa da na bara: idan ya ƙaru fiye da ribar shekara, kuma mai shi bai zuba sabon kuɗi ba, akwai bashin da aka ɓoye ko kadarar da aka kumbura. Ka koma kan bilan ɗin da ke gabanka, ka kawo mini takardun sito gobe da safe.