Rahoto Kan Yaro Ga Kotu

Tambaya: Alƙali a Yamai ya nemi rahotona kan yarinya 'yar shekara 7 da iyayenta suka rabu, uwar tana so in rubuta cewa uban bai cancanci riƙo ba. Yaya zan yi?

Malama, idan ba ki gana da uban ba, kada ki yanke hukunci a kansa, domin iyakar shaidarki ita ce abin da kika bincika da kanki. Ki raba abin da kika gani, da abin da aka faɗa miki, da fassararki. Idan uwar ta ce yarinyar tana fitsarin kwance bayan ziyarar uban, ki rubuta cewa ita ta faɗa, ki kuma bayyana cewa rabuwar kanta ko ciwon mafitsara na iya jawo hakan, don haka likita ya duba ta. Kalaman yarinyar ki kawo su yadda ta furta, tare da tambayar da kika yi mata da sunan harshen da kuka yi magana. Hukuncin riƙo kuwa na alƙali ne.