Yadda ake rubuta takardar ƙin biyan diyyar inshora

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani ofishin inshora a Tawa. An yi wa wani ɗan kasuwa, abokin cinikinmu, satar atamfofi na miliyan 3 na sefa a shagonsa ran 14 ga Maris 2025, bai sanar da mu ba sai bayan kwana 6. Gwanin da aka tura ya tarar ƙofa da kwaɗo lafiya lau, yaron shagon kuma ya ɓace da mabuɗi. Kamfani ya ce ba zai biya ba. Maigidana na ofis ya ce in rubuta layi biyu kawai, kada in yi dogon bayani, kada kuma in ambaci maganar ƙorafi don kada mu koya masa hanyar kotu. Alhajin nan sa'an mahaifina ne, kuma ba ya karanta Faransanci. Hankalina bai kwanta ba. Me zan rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin ki ɗauki alƙalami, ɗauko kwantiragin Alhaji ki zauna da shi, domin a dosiyen nan akwai dalilai biyu da ke neman shiga takarda, kuma ɗaya ne kaɗai yake da ƙafar tsayawa.

Fara da jinkirin, don na san shi ne zai fi saurin zuwa bakin maigidanki. Gaskiya ne aya ta 12 ta dokar CIMA, wato dokar inshorar da Nijar take bi, ta ba da awa 48 a sanar da sata, kuma Alhaji ya wuce. Amma aya ta 20 ta ɗaure hannun kamfani: jinkiri ba ya hana diyya sai in kwantiragi ya faɗi haka, kuma sai kamfani ya nuna cewa jinkirin ya jawo masa hasara. Wace hasara kwana 6 suka jawo a nan? Gwani ya je, ya ga ƙofa, ya ga kwaɗo, ya rubuta rahotonsa, babu abin da ya ɓace masa. To kada jinkiri ya fito a takardarki ko da a layi ɗaya. Dalili mai rauni in ya zauna kusa da mai ƙarfi, shi lauya zai fara kamawa, daga nan alƙali ya soma kallon sauran takardar da idon zargi.

Dalili na gaskiya shi ne ba a fasa shagon ba, kuma wanda ake zargi ɗan gida ne. Nemi sakin layin da ya yi magana a kan haka, ki duba shi da idonki, kada ki dogara da abin da aka haddace a ofis. Idan cewa ya yi inshorar tana ɗaukar sata ne kawai in an fasa ko an haura, to wannan iyakar abin da aka saya ce. Idan kuma cewa ya yi an cire satar ma'aikata daga ciki, to wannan togaciya ce, kuma tana da sharuɗɗanta: aya ta 11 tana so ta zama bayyananna mai iyaka, aya ta 8 kuma ta ce ba ta aiki sai an buga ta da haruffan da suka fito fili sosai. In kin tarar an cusa ta da ƙananan baƙaƙe a tsakiyar shafi, ko kuma babu shaidar an taɓa miƙa wa Alhaji shafin da take ciki, ki mayar da dosiye sama ki faɗa musu tun kafin takarda ta fita. Nauyin tabbatar da togaciya yana wuyan kamfani ne.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wadda nake ji kusan kullum daga bakin mutanen da suka daɗe a aikin nan: wai gajeriyar takarda mai duhu tana kare kamfani. Ba ta kare kowa. Ki bi takardar nan ta layi biyu ki ga inda za ta. Alhaji zai karɓe ta, ya naɗe, ya sa a aljihu, da la'asar ya ba ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa. Yaron zai ce, "Baba, sun ce ba za su biya ba." Zai tambaya, "Don me?" Yaron ya juya takarda ya ce ba su faɗa ba. Daga wannan lokacin Alhaji ya gama yanke hukunci cewa an cuce shi, kuma wa zai ga laifinsa? Mutum ya biya kuɗinsa shekara da shekaru, ranar da ya zo da buƙata aka ba shi amsar da ba a ba almajiri a ƙofar gida. Gobe duk layin 'yan atamfa sun ji labari, kuma labarin da za su ji shi ne inshora cin amana ce.

Sannan sai 'yan kan-ta-waye su same shi. Akwai su a bakin kowane ofis: wannan ya ce ya san wani babba a Yamai, a ba shi jika 50 na mota, wancan ya ce a sake rubuta bayanin sata a ce an fasa taga. Na biyun nan shi ne mai kashe mutum, don yana mayar da wanda aka yi wa sata mai ƙaryar neman diyya, ya rasa kuɗi ya kuma jawo wa kansa shari'a. Duhun takardarku ne ya tura shi hannunsu. Da an gaya masa dalili da hanya, da bai nemi mai nuna masa hanya ba.

Kuma ko ta fuskar kamfanin aka duba, lissafin bai fita ba. Wanda ya fahimci dalili, sau da yawa yakan yi fushi ya haƙura. Wanda bai fahimta ba shi ne yake zuwa kotu, don can kaɗai ya ga za a tilasta muku ku yi magana. A can ɗin kuma dole ku faɗi dalilin da kuka ɓoye, sai dai yanzu a gaban alƙalin da zai tambaya me ya hana ku faɗa tun farko. Batun wai kada a koya masa hanyar kotu kuwa, hanyar nan doka ce ta shimfiɗa ta, ba kyautar kamfani ba ce. Abin da shirun yake yi kawai shi ne cinye masa lokaci. Aya ta 28 ta ba shi shekara 2 daga faruwar abin. Na sha ganin dattijo yana zarya ofis, ana ce masa ana dubawa, a dawo bayan Salla, har wa'adi ya cika bai sani ba. Duk ma'aikacin da ya yi shiru da gangan don hakan ta faru, ya sani haƙƙin mutum ya ci, ko da doka ba ta kama shi ba, kuma akwai ranar da za a tambaye shi.

Ga yadda zan so cikin takardar ya kasance, bayan gaisuwa da lambar kwantiragi da ta dosiye:

"Mun jajanta muku kan satar da aka yi a shagonku ran 14 ga Maris 2025. Bayan nazari, kamfani ba zai biya diyyar wannan sata ba. Abin da muka dogara da shi: rahoton gwani ya nuna ba a fasa ƙofa ko kwaɗo ko rufi ba, kuma a bayanin da kuka yi wa 'yan sanda kun ce ma'aikacinku ne yake riƙe da mabuɗi. Kwantiraginku, a shafi kaza, sakin layi kaza, ya ce: (sai ki kwafo maganar yadda take, ba ragi ba ƙari). Ma'anarsa, inshorar da kuka saya tana biyan satar da aka yi ta hanyar fasa shago, ba ta biyan wadda aka yi da mabuɗin da ke hannun ma'aikaci. Mun haɗo muku kwafin rahoton da na shafin."

Lura da cewa hukuncin ya zo tun a jimla ta biyu. Kada ki sa mutum ya karanta rabin shafi yana sa rai. Lura kuma ba a ce yaron ɓarawo ne ba, ba a kuma ce Alhaji ya yi sakaci ba. Ba a yanke wa yaron hukunci ba tukuna, kuma ke ba alƙali ba ce. Ki tsaya kan abin da rahoto ya gani da abin da Alhaji ya faɗa da bakinsa.

Sai sashen hanya, wanda shi ma yake son sunaye da ranaku:

"Idan ba ku yarda ba, ku rubuto wa sashen ƙorafi na kamfani a adireshi kaza, za a amsa muku cikin kwana kaza. Abin da zai iya sauya hukuncin shi ne shaidar cewa an shiga da ƙarfi, kamar sabon binciken 'yan sanda, ko rahoton wani gwani da kuka ɗauka da kuɗinku. Kuna iya kai kuka ga hukumar kula da inshora ta ma'aikatar kuɗi a Yamai. Kuna kuma da ikon shigar da ƙara a kotu nan Tawa. Doka ta ba da shekara 2. Don kauce wa gardama, ku ɗauka wa'adinku yana cika ran 14 ga Maris 2027."

Kada ki rubuta adadin kwanakin amsa sai kin tabbatar kamfaninku yana cika shi. Maganar kotun Tawa kuwa daga aya ta 30 take, wadda ta kai irin wannan shari'a wurin da mai inshora ko dukiyar take. Mutane da yawa suna haƙura ne don sun zaci sai sun yi ta zarya Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500.

Abu guda da za ki ƙara, a rubuce da kuma a baki: zuwa ofis, da kiran waya, da aiko ɗan uwa mai faɗa a ji, duk ba sa tsayar da wa'adin nan. Kai kuka ga hukuma ma kada ya dogara da shi don wannan. Aya ta 29 ta ambaci naɗa gwani, da wasiƙa mai rajista ta gidan waya wadda ake dawo da shaidar an karɓa, sai kuma hanyoyin da aka saba kamar shigar da ƙara. Naɗin gwanin da kuka yi yana iya ba shi 'yan kwanaki a kan ranar da na sa, amma gara ya riƙe ta kusa.

Takardar za ta fita da Faransanci, da hatimin kamfani da sa hannun wanda ya yanke hukuncin, ba naki ba. Kada ki aika ta da ɗan kabu-kabu. Ki kira Alhaji ya zo da ɗansa ko wani da ya amince da shi, ki ba shi kujera, ki karanta masa da Hausa layi bayan layi, ki ɗora yatsa a kan sakin layin da ke cikin kwantiraginsa. Daga nan ki ce, "Baba, in an tambaye ku a gida me ya hana biya, me za ku ce?" In ya iya maimaita dalilin da wa'adin, ya sa hannu a kwafinku da kwanan wata, a matsayin ya karɓa kawai, ki kuma gaya masa sa hannun nan ba ya nufin ya yarda. In maigidanki ya ƙi wannan tsari, ki kai masa daftarin tare da ayoyin nan a rubuce, ki roƙe shi ya tura wa sashen shari'a na kamfani su duba kafin takarda ta fita.