Me ya sa ribar akawun ɗina a bankin Musulunci take hawa tana sauka?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Na ajiye naira 500,000 a sebin akawun a bankin da ba ya harkar kuɗin ruwa, ƙarshen wata suka turo min dubu biyu da 'yan kai, wata na gaba kuma abin ya ragu sosai. Abokina kuma da yake da karant a bankin nan ɗin ko sisi ba a ba shi. Anya ba ruwan ba ne aka canza wa suna? Kuma da me suke lissafawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai da abokinka ƙofa ɗaya kuka shiga amma ba yarjejeniya ɗaya kuka sa wa hannu ba, yawancinmu dai fom kawai muke cikewa mu sa hannu inda ma'aikaci ya nuna da biro ba mu karanta ba.

Karant ɗin abokinka, a bankuna irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da Lotus da suka biyo baya, galibi a kan ƙardu ake gina shi, wato rance. Shi ne ya ranta wa banki kuɗinsa. Bankin na da damar ya juya su yadda yake so cikin halal, in ya ci riba tasa ce in ya faɗi shi ta shafa, amma duk ranar da mai kuɗi ya zo dole a ba shi abinsa cif. To tunda rance ne ba za a yi masa alƙawarin ƙari ba, don rancen da aka shardanta masa ƙari shi ne ainihin kuɗin ruwan da ake gudu. Ba rowa aka yi masa ba kenan. Abin da ya samu shi ne lamunin uwar kuɗinsa.

Kai kuma naka, tunda ana turo maka wani abu duk wata, mudaraba ce, abin da littattafan Malikiyya suke kira ƙiradi. Irin abin da ake yi a Kwari ne tun da daɗewa, Alhaji ya ba yaro jari ya je ya juya, in an samu a raba. Kai ne Alhajin a nan, banki ne yaron. Abin da aka yanke tun farko ba yawan kuɗin da za a ba ka ba ne, kason rabo ne, misali 30 naka 70 na banki daga duk abin da aka samu. Nan bambancin yake da ruwa. Shi ruwa ana ɗora shi a kan uwar kuɗinka, ko banki ya samu ko bai samu ba sai ya biya, wannan kuwa ana ɗora shi a kan ribar da ta shigo.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, ba na wani banki ba ne. Ba a ware dubu ɗari biyar ɗinka a juya ta ita kaɗai, ana zuba ta ne a tukunya ɗaya da ta sauran masu ajiya. A ce tukunyar naira biliyan 100 ce, an sayi kaya an sayar wa 'yan kasuwa da riba a murabaha, an ba da hayar motoci da injina a ijara, an sayi sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na gwamnatin tarayya, a wata ɗaya aka samu biliyan ɗaya da rabi bayan cire kuɗin da harkar ta ci kai tsaye. Kenan kowace naira 100 ta haifi naira 1 da kwabo 50. Taka 500,000 ta haifi 7,500, kashi 30 cikin ɗari na wannan shi ne 2,250, shi ne alat ɗinka. In wata na gaba wasu da suka karɓi kaya ba su biya a kan lokaci ba tukunya ta samu biliyan ɗaya kawai, kuɗinka 5,000 suka haifa, kai kuma 1,500 za ka gani, ba wanda ya cuce ka.

Amma kafin ka ɗora wa kasuwa laifi duba sitatimen ɗinka tukuna, don sau da yawa mai akawun ne da kansa ya rage ribarsa bai sani ba. Ba abin da ke ciki ranar ƙarshen wata ake kallo ba, yawanci matsakaicin abin da ya kwana a akawun kullum ake ɗauka. In kuɗin sun yi kwana 10 suna 500,000 sai ka cire 300,000 ka sari kaya, sauran kwana 20 suna 200,000, to matsakaicinka a watan 300,000 ne, ko da tukunya ta samu biliyan ɗaya da rabi kamar watan farko 1,350 za a ba ka. In kuma ka dawo da kuɗin ranar 30 ga wata kana jiran cikakkiyar riba, to ai ba su yi aikin ba.

Sai maganar nauyi. Wanda ya ɗaure kuɗinsa na wata shida ko shekara ana ba shi kaso ko ma'auni mafi girma a kan mai sebin, saboda banki ya san zai iya sa kuɗin a harka mai tsawo hankali kwance, naka kuwa kana iya zuwa POS da tsakar dare ka kwashe, dole a bar wani ɓangare a zaune yana jiranka, ga kuma wanda CBN ke tilasta wa bankuna su ajiye a wurinsa. Kuɗin da ke zaune ba ya haihuwa.

Yanzu abin da ya sa mutane da yawa suke zargi, kuma ni ina ganin suna da hujjar tambaya: wani lokaci sai ka ga ribar kusan iri ɗaya wata da watanni, kuma tana kusa da ruwan da bankunan gargajiya ke bayarwa. Dalili biyu ne. Akwai wani asusun daidaita riba da ake yankar wani abu a zuba a watan da aka samu da yawa, a cike giɓi da shi a watan da aka samu kaɗan, wani lokaci ma banki yakan sadaukar da wani abu daga kasonsa don kar kastomomi su gudu. Na biyu, kasuwa ɗaya suke ci da sauran bankuna, farashin murabaharsu yana kallon yadda kuɗi ke tsada a ƙasa. Kamannin lamba ba ya mayar da ita ruwa, amma yana ɓoye maka haƙiƙanin abin da tukunya ta yi a watan, shi ya sa nake ganin ya kamata a riƙa gaya wa mai ajiya a fili.

Asara fa? A ƙa'idar mudaraba in an faɗi ba da sakaci ko saɓa sharaɗi ba, mai jari ne ke ɗauka, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. In kuwa sakacin banki ne to shi zai biya. Ba kasafai ake barin abin ya kai ga taɓa uwar kuɗin mai sebin ba, amma a takarda haka yake, kar wani ya ce maka an lamunce. Inshorar NDIC, hukumar da ke lamunce ajiyar mutane a bankuna, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024, ta ranar da banki ya rushe ce gaba ɗaya, ba ta watan da riba ta yi ƙasa ba.

Ka koma reshenku ka ce a nuna maka akawun ɗinka a kan wace yarjejeniya yake, nawa ne kason rabonka a yanzu, kuma ta yaya suke sanarwa in za su canza shi, don ba ya halatta a canza kaso a kan watan da ya riga ya wuce. In ma'aikaci ya ce maka ai kashi kaza za ka samu tabbas, tambaye shi hasashe ne ko alƙawari, in ya ce alƙawari ne a kan mudaraba to ka nemi a haɗa ka da sashen shari'a na bankin, kowane bankin Musulunci yana da kwamitin malamai da CBN ya wajabta masa.